Yadda Ake Lissafin Da'irar Lantarki Mai Batir Biyu da Dokokin Kirchhoff

Idan batir ɗaya ne a da'ira, galibi dokar Ohm ta wadatar: a haɗa rizistocin su zama ɗaya, a raba boltej da abin da aka samu, karant ya fito. Da zarar batir na biyu ya shigo a wani reshe dabam, wannan dabara ta daina aiki, domin rizistocin ba a jere suke duka ba, ba kuma kafaɗa da kafaɗa suke ba, kuma kowane batir yana tura wuta ta nasa ɓangaren. A nan ne ake komawa ga dokoki biyu da Bajamushen nan Gustav Kirchhoff ya fitar a 1845, yana ɗalibi a jami'ar Königsberg. Na daɗe ina koya wa masu koyon gyaran kayan lantarki da 'yan sakandare wannan aiki a shagona da ke Unguwar Rogo a Jos, kuma abin da na lura shi ne lissafin kansa ba ya kayar da kowa. Alamar tarawa da ta ɗebewa ce ke kayar da mutane. Saboda haka zan bi da'ira ɗaya tak daga zane har zuwa awo, in daɗe a inda alamomin suke.

Kayan aiki

Don lissafin kawai, takarda da fensir da kalkuleta sun isa. Fensir na ce, ba biro ba, domin za a yi goge-goge. Wanda yake son ya haɗa da'irar ya gwada, kuma ina ba da shawarar a yi hakan, zai tanadi waɗannan:

- Batir mai bolt 12, irin ƙaramin nan na cikin na'urar riƙe wutar kwamfuta. Shi ne E1.
- Batir mai bolt 6, irin na fitila ko fanka mai caji. Shi ne E2.
- Rizista huɗu masu ɗaukar kwatan wat: R1 om 100, R2 om 150, R3 om 220, R4 om 680.
- Mitar awo ta hannu mai nuna lambobi, da allon gwaji mai ramuka, da gajerun wayoyi, da ƙaramin fis na rabin amfiya ga kowane batir.

Ana samun waɗannan a shagunan kayan rediyo da ke kewayen Taminas, kuma tsohon allon rediyo ko talabijin ma cike yake da rizistoci. Ana gane su da zoben launi: om 100 ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa; om 150 ruwan ƙasa, kore, ruwan ƙasa; om 220 ja, ja, ruwan ƙasa; om 680 shuɗi, ruwan toka, ruwan ƙasa. Duk da haka a auna kowanne da mita kafin a soka shi, domin a hasken shago da yamma ja da ruwan ƙasa kusan ɗaya suke.

Idan ba a sami om 680 ba, a jera 470 da 220, su ba da 690, sai a yi lissafin da 690. Idan babu allon gwaji, mahaɗin waya mai sukurori na masu wayarin gida yana yin aikin. Abu ɗaya ne ban yarda a musanya da wasa ba, wato E2. Kada a sa busasshen batir irin na tocila a gurbinsa, kada kuma a sa cajar waya. Dalilin zai fito a mataki na 6.

Dokokin biyu a taƙaice

Dokar karant tana magana ne a kan mahaɗa, wato wurin da wayoyi uku ko fiye suka haɗu: duk karant ɗin da ya shiga mahaɗa, shi ne yake fita. Kamar shataletale ne, motocin da suka shigo ta hanyoyi dabam-dabam dole su fita ta wasu hanyoyin, ba wadda take narkewa a tsakiya.

Dokar boltej kuwa a kan zagaye take: idan ka tashi daga wani wuri a da'ira, ka bi hanya rufaffiya ka dawo inda ka tashi, jimillar hawa da saukar boltej sifili ce. Mutumin Jos ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Wanda ya fito daga gida ya hau dutse ya gangaro ta wata hanya ya dawo ƙofar gidansa, duk tsayin da ya hau ya sauke shi, ko ta ina ya bi. Batir shi ne hawan, rizista ita ce gangaren. Girman gangaren kuma dokar Ohm ke faɗa, wato boltej V shi ne karant I sau om ɗin rizista R:

```
V = I × R
```

Mataki na 1: Zana da'irar, ka sa wa komai suna

Ga da'irar da za mu yi aiki da ita:

```
 ┌──R1───A───R2──┐
 │+      │      +│
 E1      R3     E2
 │−      R4     −│
 └───────B───────┘
```

Mahaɗa biyu ne, A a sama da B a ƙasa. Rassa uku ne suka haɗa su. Reshen hagu yana da E1 da R1, reshen dama yana da E2 da R2, reshen tsakiya kuwa R3 da R4 ne a jere. Kan fositib na kowane batir yana duban sama.

Masu koyo sukan ƙirga kusurwoyin zane a matsayin mahaɗa. Kusurwa lanƙwasar waya ce kawai, karant ba ya rabuwa a can. Haka ma wurin da R3 ta haɗu da R4 ba mahaɗar da za mu ƙirga ba ce, tunda abin da ya bi ta ɗaya shi ne yake bi ta ɗayar. Dukan wayar ƙasa, daga negatib na E1 har zuwa negatib na E2, wuri ɗaya ce, B.

Mataki na 2: Rage abin da zai ragu

R3 da R4 suna reshe ɗaya, karant ɗaya ke ratsa su, don haka a tara su: 220 da 680 sun zama om 900. Iyakar ragin da za a iya yi ke nan. Kada a yi sha'awar haɗa R1 da R2 a ce a jere suke don suna kan layi ɗaya a zane, domin mahaɗar A tana tsakaninsu, kuma wani karant yana saukowa ta nan. Kada kuma a tara 12 da 6 a ce 18, ko a ɗebe a ce 6, a ɗauke su batir ɗaya. Ba a reshe ɗaya suke ba.

Mataki na 3: Sa wa kowane reshe kibiyar karant

Reshe uku, karant uku, kuma su ne abin da muke nema. Na zaɓi haka:

- I1 yana fitowa daga fositib na E1, ya ratsa R1, ya shiga A.
- I2 yana fitowa daga fositib na E2, ya ratsa R2, ya shiga A.
- I3 yana fita daga A, ya gangara ta R3 da R4 zuwa B.

A nan ɗalibai suke tsayawa suna tambaya: "Malam, ta yaya zan san inda karant ya dosa tun ban yi lissafi ba?" Amsar ita ce ba za ka sani ba, kuma ba a buƙaci ka sani ba. Kibiyar zato ce. Idan zaton ya dace, amsa za ta fito da alamar tarawa; idan bai dace ba, za ta fito da alamar ɗebewa, girmanta kuma daidai yake a kowane hali. Sharaɗi ɗaya ne: da zarar ka zana kibiyoyin, ba ka sake taɓa su har ka gama. Wanda ya juya kibiya a tsakiyar aiki domin zuciyarsa ta raya masa wani abu, ya ɓata duk layukan da ya riga ya rubuta.

Mataki na 4: Rubuta dokar karant

A mahaɗar A, biyu suna shiga, ɗaya yana fita:

```
(1)  I1 + I2 = I3
```

Ba sai an rubuta na B ba. A can I3 ne yake shiga, I1 da I2 suke fita, wato magana ɗaya ce aka maimaita. Ƙa'idar ita ce, a ƙirga mahaɗu a rage ɗaya. Mai mahaɗa biyu ikweshan ɗaya yake bayarwa, mai uku ya ba da biyu.

Mataki na 5: Rubuta dokar boltej

Abubuwa uku muke nema, mun sami ikweshan ɗaya, saura biyu. Hanya mafi sauƙi ta zaɓen zagaye ita ce a dubi zanen kamar taga mai gilashi biyu, a ɗauki kowane gilashi a matsayin zagaye guda: na hagu da na dama. Ni kullum ina bin kowane zagaye ta hanyar da hannun agogo yake bi. Ba doka ba ce, sabo ne, amma sabon yana rage kuskure.

Kafin ka fara, rubuta waɗannan ƙa'idoji huɗu a gefen takarda, ka riƙa dubansu a kowane taku:

- Ka ratsa batir daga negatib zuwa fositib: hawa ne, +E.
- Ka ratsa batir daga fositib zuwa negatib: sauka ce, −E.
- Ka ratsa rizista kana tafiya tare da kibiya: sauka ce, −IR.
- Ka ratsa rizista kana fuskantar kibiya: hawa ne, +IR.

A lura cewa alamar batir ba ruwanta da kibiyar karant. Abin da ake dubawa kawai shi ne ta wane kai ka shiga, ta wane kai ka fita. Alamar rizista kuwa kibiya kaɗai take dubawa.

Zagayen hagu. Ka ɗora yatsa a kan B, ka nufi hagu, ka hau ta cikin E1. Ka shiga ta negatib ka fita ta fositib, don haka +12. Ka ratsa R1 zuwa A, kai da kibiyar I1 hanyarku ɗaya, don haka −100 I1. Daga A ka gangara ta tsakiya tare da I3, −900 I3. Ka dawo B.

```
(2)  12 − 100·I1 − 900·I3 = 0
```

Zagayen dama shi ne inda ake faɗuwa, domin duk takunsa uku sun saɓa wa na farko. Ka tashi daga B, ka hau ta reshen tsakiya. Kibiyar I3 ƙasa take dubawa, kai kuma sama ka nufa, saboda haka +900 I3. Daga A ka nufi dama ta R2. Kibiyar I2 tana zuwa ne daga dama zuwa A, kun yi gaba da gaba, saboda haka +150 I2. Sai ka gangara ta E2, ka shiga ta fositib ka fita ta negatib, −6.

```
(3)  900·I3 + 150·I2 − 6 = 0
```

Akwai zagaye na uku, na waje, wanda ya kewaye da'irar gaba ɗaya bai taɓa reshen tsakiya ba. Kada ka sa shi cikin waɗanda za ka warware. Idan ka tara (2) da (3) shi za ka samu, wato ba sabon labari ya kawo ba. Wanda ya bar dokar karant ya ɗauki zagaye uku zai yi ta lissafi har ya ƙare da sifili daidai yake da sifili. A ajiye shi, yana da amfani a wajen bincike.

Mataki na 6: Warware lissafin

A duk inda I3 yake a (2) da (3), a cire shi a sa I1 + I2. A (2), 900 zai shafi kowannensu, 100 I1 da 900 I1 su zama 1000 I1. A (3), 900 I2 da 150 I2 su zama 1050 I2.

```
(4)  1000·I1 +  900·I2 = 12
(5)   900·I1 + 1050·I2 = 6
```

Domin a kawar da I1, a ninka (4) sau 9, a ninka (5) sau 10, ta yadda kowanne zai fara da 9000. A tuna a ninka har da lambar da ke bayan alamar daidai. Mantawa da ita kuskure ne da nake gani kusan kowane mako.

```
9000·I1 +  8100·I2 = 108
9000·I1 + 10500·I2 = 60
```

A ɗebe na sama daga na ƙasa:

```
2400·I2 = −48
I2 = −0.02 A
```

A mayar da wannan cikin (4), da alamarsa. 900 sau −0.02 ya ba da −18, idan ya tsallaka ya koma tarawa:

```
1000·I1 = 12 + 18 = 30
I1 = 0.03 A
I3 = 0.03 + (−0.02) = 0.01 A
```

Wato I1 miliamfiya 30, I2 miliamfiya 20 da alamar ɗebewa, I3 miliamfiya 10.

Wannan alamar ɗebewa ita ce amsa mafi daraja a duk takardar, kuma na sha ganin yaro ya goge ta a ɓoye don yana zaton ya yi kuskure. Abin da take faɗa shi ne karant ɗin reshen dama ba daga E2 yake fitowa ba, shiga cikinsa yake yi ta fositib. Babban batir yana cajin ƙaramin. Daga miliamfiya 30 da E1 yake turowa, 10 ne kawai suke gangarawa ta tsakiya, 20 suna wucewa cikin E2.

Ana iya ganin dalilin ba tare da dogon lissafi ba. A cire E2 gaba ɗaya, sai ya rage bolt 12 a kan om 100 da om 900 a jere, A ya tsaya a bolt 10.8. Duk batirin da aka jona a reshen dama wanda bai kai 10.8 ba, karɓa zai yi. Sai ya haura 10.8 sannan zai fara bayarwa. Wannan ne ya sa na hana busasshen batir a gurbin E2: ba a yi shi don caji ba, idan aka daɗe ana tura masa wuta yana iya yoyo. Cajar waya da yawancin na'urorin ba da wuta na teburin gwaji kuwa bayarwa kaɗai suka iya, ba sa karɓa. Idan aka sa su a nan, boltej ɗin bakinsu yakan ɗaga sama da abin da aka saita, awo ya ƙi yarda da lissafi, mutum ya yi ta zargin kansa a banza. Idan babu batirin fitila, a jera ƙananan batura masu caji guda biyar, kowane bolt 1.2.

Mataki na 7: Fitar da boltej na kowace rizista

Dokar Ohm ce kawai. R1 ta ci 0.03 sau 100, bolt 3. R2 ta ci 0.02 sau 150, ita ma bolt 3. A reshen tsakiya yanzu sai a sake raba rizistocin da muka haɗa: R3 bolt 2.2, R4 bolt 6.8, jimilla 9. Saboda haka A yana sama da B da bolt 9. Ta hagu ma haka ne, 12 a ɗebe 3. Ta dama kuma 6 a ƙara 3, tunda karant daga A yake gangarawa zuwa E2. Hanya uku, amsa ɗaya.

Mataki na 8: Bincika amsar kafin ka taɓa waya

Bincike na farko na hankali ne. Batura biyun suna duban sama, negatib ɗinsu a haɗe, don haka A ba zai taɓa wuce bolt 12 ba, ba kuma zai sauka ƙasa da sifili ba. Bolt 9 ɗin da muka samu ya zauna daidai.

Ga amfanin wannan binciken. A ce a (3) an yi kuskuren da aka fi yi, aka rubuta −150 I2 a maimakon +150 I2, saboda hannu ya saba cewa rizista ɗebewa ce. Lissafin zai tafi sumul, ya ba da lambobi masu kyan gani: I1 −0.06, I2 0.08, I3 0.02. Ba abin da zai nuna maka matsala sai ka ninka 0.02 da 900 ka ga bolt 18 a A, a da'irar da babban batirinta 12 ne. Kyan lamba ba shaida ba ne.

Bincike na biyu shi ne zagayen wajen da muka ajiye. A rubuta shi daga zane, kada a samo shi ta tara (2) da (3), domin idan akwai kuskure a cikinsu zai biyo. Daga B: hawa ta E1, tare da I1 a R1, gaba da gaba da I2 a R2, sauka ta E2.

```
12 − 100(0.03) + 150(−0.02) − 6
= 12 − 3 − 3 − 6 = 0
```

Bincike na uku, wanda na fi amincewa da shi, shi ne na ƙarfin wuta, domin yana kama har kuskuren dokar karant wanda zagayen waje ba ya gani. Abin da aka bayar dole ya yi daidai da abin da aka ci. E1 ya bayar da 12 sau 0.03, wat 0.36. A rizista ana ninka boltej ɗinta da karant ɗinta: R1 0.09, R2 0.06, R3 0.022, R4 0.068, jimilla 0.24. E2 ya karɓi 6 sau 0.02, wat 0.12. Idan aka tara 0.24 da 0.12 an sami 0.36. Wannan lissafin ya kuma nuna cewa babu rizistar da ta kusanci wat 0.25, saboda haka ƙananan da muka saya za su ɗauka.

Mataki na 9: Haɗa da'irar ka auna

A fara soka rizistocin a allo, batura a ƙarshe. Fis ya zauna kusa da fositib na kowane batir. Waɗannan batura ƙanana ne a ido, amma idan kawunansu biyu suka haɗu ta waya, wayar tana yin ja nan take, ta ƙona yatsa ko ta narkar da allon. A cire zobe da agogon ƙarfe. Wannan gwaji kuma na batir ne kaɗai, kada wanda ya kai shi kan wutar soket.

Kafin a jona, a auna kowane batir. A sa baƙar wayar mita a ramin COM, ja a ramin V, a juya zuwa 20 V na DC. Da wuya ka ga 12 da 6 cif. Mai cikakken caji yakan nuna wajen 12.6 da 6.3. Idan haka ka gani, to da su za ka yi lissafi, ba da abin da aka rubuta a jikin batir ba. Da yake dukansu sun ƙaru da kashi 5 cikin 100, amsoshin ma haka za su ƙaru: I1 miliamfiya 31.5, I2 21, I3 10.5, A kuma bolt 9.45. Idan ɗaya ya cika ɗaya ya yi sanyi, sai a canza lambobin da ke bayan alamar daidai a (4) da (5) a sake warwarewa; ɓangaren hagu ba ya canzawa.

Bayan an jona, baƙar waya a B, ja a A. Wannan awon ɗaya ya isa ya gaya maka ko da'irar tana lafiya. Daga nan a auna kowace rizista. A R2 a ɗora ja a gefen E2, baƙa a gefen A, wato yadda kibiyarmu ta zata. Mita za ta nuna wajen −3. Nakan bar ɗalibi ya yi wannan awon da hannunsa, domin ganin alamar ɗebewar takarda ta bayyana a fuskar mita yana gamsar da shi fiye da duk bayanina.

Ba lallai ne a auna karant kai tsaye ba. A raba boltej ɗin rizista da om ɗinta, karant ya fito, ba a yanke waya ba, ba a sa mita cikin haɗari ba. Wanda ya nace sai ya auna, zai cire ƙafar rizista ɗaya, ya mayar da jar waya ramin mA, ya sa mita ta zama gada a wurin da ya yanke. Da ya gama ya mayar da wayar ramin V nan take. Mitar da aka bari a mA aka ɗora a kan batir, fis ɗinta ya tafi.

Kada a sa ran awo da lissafi su yi daidai har ɗigo. Zoben zinariya a jikin rizista yana nufin za ta iya kaucewa da kashi 5 cikin 100, wato mai 680 tana iya zama ko'ina daga 646 zuwa 714. Idan ana son su matso kusa, a yi lissafin da om ɗin da mita ta nuna. Tsohon batir ma yana da tasa turjiyar a ciki, wadda ke sa boltej ɗinsa ya sauka idan yana bayarwa, ya ɗaga idan yana karɓa. Maganin wannan shi ne a sake auna kawunan baturan suna cikin aiki, a yi amfani da waɗannan lambobin.

Idan awo ya kauce da yawa

Boltej ɗin A yakan faɗi inda matsalar take. Lambobin da ke tafe na batura masu 12 da 6 cif ne.

Idan A ya nuna wajen 10.8, reshen dama a yanke yake: ko fis ɗin E2 ya ƙone, ko ƙafar R2 ba ta shiga rami ba. Idan ya nuna wajen 5.1, reshen hagu ne a yanke, E2 kaɗai yake ciyar da om 150 da om 900. Idan ya nuna 9.6, reshen tsakiya ne bai haɗu ba. Wannan na ƙarshen yana da yaudara, domin yana kusa da 9 har mutum ya ce laifin rizista ne. A auna R4 kawai: idan ta nuna sifili a maimakon 6.8, ko kuma ta nuna 9.6 ɗin gaba ɗaya, to ba abin da ke bi ta reshen.

Idan kuwa A ya nuna 4.5, a cire batir da sauri, an juya E2. Wannan ya taɓa faruwa da ni a gaban ɗalibai wata safiya ta hunturu, hannu ya ƙage da sanyin Jos, ina magana ina jona waya ban duba ba. Wani yaro ne daga baya ya ce, "Malam, kamar wani abu yana ƙauri." Na taɓa R2 na janye yatsa. Da muka zauna muka yi lissafin abin da ya faru, sai ya zama darasin ranar. Juya batir ba ya canza komai a (4) da (5) sai alamar 6, ta koma −6. Amsa ta zama I1 0.075, I2 −0.07, I3 0.005. Yanzu baturan biyu suna tura wuta hanya ɗaya a zagayen waje, bolt 18 a kan rizistocin sama. R1 tana cin wajen wat 0.56, R2 wajen 0.74, wato kusan ninki uku na abin da aka yi ta domin ta ɗauka. Fis na rabin amfiya bai ko motsa ba, tunda miliamfiya 75 ba komai ba ne a wurinsa. Shi waya yake karewa, ba rizista ba. Wanda yake son ya gwada da'irar da batir a juye da gangan, ya nemi R1 da R2 masu ɗaukar wat 2, kuma ya auna wadda ta taɓa yin zafi kafin ya sake amfani da ita, domin om ɗinta yana iya canzawa.